Garaɓasar lokacin biki da ranar rufe karɓar aiki: tambayoyin teloli, masu kwalliya da masu ado a Katsina

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ni telar mata ce a nan cikin Katsina, keke ukku gare ni a shago, ni da yara biyu, ƙanwata kuma tana kwalliyar amare, sannan akwai wani bawan Allah mai adon wurin biki da muka daɗe muna haɗa aiki da shi. Duk lokacin da biki ya kunno kai sai tambayoyi su yi mani yawa, wata ta kira, wata ta tare ni wurin suna, kuma kusan abu ɗaya ake ta tambaya, yadda za a yi garaɓasa ba a yi asara ba da yadda za a gaya wa mutane an kusa rufe karɓar aiki su kuma yarda da gaske ake. Shi ya sa na ce bari in zauna in amsa su gaba ɗaya. Kuɗaɗen da za ku gani misali ne kawai don lissafi ya fito, kowa ya sa nashi farashin.

Wai yaushe ne lokacin bikin, kuma yaushe ya kamata in fara talla?

Mu dai nan an san lokutan. Akwai Rajab da Sha'aban, kowa na so a kai mashi amarya kafin azumi, akwai bayan ƙaramar salla, akwai bayan babbar salla idan alhazai sun dawo, sai kuma ƙarshen shekara daga kaka zuwa Disamba, lokacin amfanin gona ya zo gida, makarantu sun yi hutu, 'yan uwa na Abuja da Kaduna sun samu damar zuwa. Abin da mutane ke mantawa shi ne watan Musulunci yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. A 2024 an ɗauki azumi 11 ga Maris, a 2025 aka ɗauka 1 ga Maris. To kin ga yanzu bikin Disamba da bikin kafin azumi sun kusa haɗewa, babu wani hutu na kirki a tsakani, wadda ta ce sai ta huta a Janairu sannan ta fara tallar Sha'aban ta makara.

Ni ina fara magana wata biyu kafin Asabar ɗin farko ta cunkoso. Dalili kuwa a daidai lokacin ne gidajen amare ke cikin shirin lefe da fitar da anko, ba su riga sun kai kaya wurin kowa ba. Idan kika bari saura sati ukku, waɗanda za su zo maki su ne waɗanda wata tela ta riga ta ce masu ta cika.

Ta yaya zan san ranar da zan rufe? Ni dai in na ga aiki ya yi yawa nake cewa na rufe.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci wurina, don haka zan daɗe a kanta. In kika bari sai kin ga aiki ya yi yawa, to kin riga kin wuce iyakarki da sati guda ba ki sani ba, saboda kayan da ke cikin leda a ƙarƙashin tebur ba su nuna nauyinsu sai an fara yanka. Ranar rufewa da biro da takarda ake fitar da ita tun kafin a sa talla.

Ga yadda nake yi. A ce cunkoson sati shida ne, muna aiki kwana shida a sati, kwana 36 ke nan. Sai in cire kwana shida tun farko, na ranar da za a ɗauke wuta janareta kuma ya ƙi tashi, na ranar da yarinya ɗaya za ta kwanta zazzaɓi, na rasuwa ko suna da dole a je, da na gyaran kayan da aka dawo da su. Saura 30. Mu ukku ne, sai ya zama ina da yinin aiki 90 a hannu, iyakar abin da zan iya sayarwa ke nan, ko ranar Asabar ta yi ƙafa ta zo da buhun kuɗi ba zai ƙaru ba.

Sai in auna amarya guda. Rigunan fita biyu, ta kamu da ta dina, kowace tana cin yini huɗu in har za a yi mata shafi mai kyau a zauna a jera duwatsu, takwas ke nan. Kayan lefe da za ta fara sawa, a ce kala shida na atamfa da leshi ɗinki marar hayaniya, kowane rabin yini, ukku ke nan. Ankon ƙawaye mutum ashirin, shi ma rabin yini kowace, goma. In kika tara, amarya ɗaya da jama'arta sun cinye yini 21. Amare huɗu sun cinye 84, saura shida na tsofaffin kwastomomi da ba za ki iya kora ba. To shagon nan mai keke ukku amare huɗu yake ɗauka da ankonsu, na biyar ɗin da za ki karɓa daga barcinki za a cire shi ko daga ingancin ɗinkin wata.

Wannan ya ba ki yawan gurbi. Ita kuma ranar, da baya ake lissafo ta daga ranar kamu, ba daga ɗaurin aure ba, don kamu ne ke fara cin kaya. Ina so amarya ta zo gwaji saura sati guda, don in ƙirji ya matse ko tsawo ya yi yawa a samu kwana biyu na gyara ba a cikin tashin hankali ba. Kafin nan akwai sati guda na ɗinkin rigunan biyu. Kafin nan akwai kwanakin da rigar za ta yi wurin mai aikin sama ko mai buga duwatsu, shi ma layi gare shi a lokacin. Kafin nan kuma in yadin babu shi a babbar kasuwa sai an aika Kantin Kwari a Kano, a turo hoto, a ce ba wannan kalar ba, a sake turowa, a sa a mota. Shi ya sa kayan amarya nake rufewa sati huɗu kafin kamu, anko kuma sati ukku. Duk wadda ta riga ta cika tsakanin gurbi da rana, ita ke rufe ƙofa.

Ni kwalliya nake yi, ai nawa aikin na yini ɗaya ne, mi zai sa in sa ranar rufewa?

Naki ya ma fi tsanani, don tela tana iya ɗinka rigar Asabar ranar Talata, ke kuwa fuskar Asabar sai Asabar. Abin da kike sayarwa awoyi ne ƙalilan. Ƙanwata tana ba amarya awa biyu har da ɗaurin kallabi ko ashoke, ƙawa kuma kamar minti arba'in. Ga kuma maganar salla, amarya ba ta so a gama mata fuska sannan ta zo tana neman alwala, saboda haka ana cewa ta yi alwala kafin a fara, a kuma tsara zaman ya faɗo daidai, ta kamu bayan Azahar, ta dina ta yi Magariba da alwalarta ko a fara da zarar an sallame. In kika duba da kyau, amare biyu ne a yini in hannu ɗaya ne, su ma in unguwanninsu ba su yi nisa ba. Daga Kofar Ƙaura zuwa Kofar Marusa a Keke Napep ranar Asabar da ayarin motocin ɗaurin aure a hanya, ki ƙara rabin awa a kan abin da kika saba. In kuwa Daura ce ko Dutsin-Ma, yinin nan na amarya ɗaya ne, kuɗinta ya nuna haka.

Don haka ke tallarki da ranaku za ki yi ta. Ki jera Juma'a da Asabar da Lahadi na watan, wadda ta cika ki rubuta ta cika, wadda saura ɗaya ki ce saura ɗaya. Sannan ki rufe sati biyu kafin ranar, ki samu damar ganin fatar amarya tun da wuri, musamman da hunturu da fata ke bushewa hoda ta riƙa tsagewa gefen hanci da baki, ko wadda ta yi dilka da halawa fuska ta yi ja. In kin ganta da wuri kin san kalar da za ki saya da abin da za ki ce ta riƙa shafawa.

Mai adon wuri fa, nashi lissafin ɗaya ne da namu?

A'a, shi kayanshi ne ke ƙayyade shi. In labulen bayan amarya da ango saiti biyu gare shi da kujerar amare biyu, to biki biyu zai iya a yini, kuma rigunan kujeru da shimfiɗar tebur sai an wanke an goge tsakanin Juma'a da Asabar. Wanda muke aiki da shi ba ya rubuta sunan kowa sai an gaya mashi wurin da za a yi, hol ne ko ƙofar gida ko fili, mutum nawa, da ƙarfe nawa za a buɗe mashi wurin. An sha kama hol guda biki biyu, walima da rana dina da dare, a bar mashi awa ɗaya da rabi ya kwance na wasu ya ɗaura nashi. In a waje ne da hunturu, iska na iya kifar da allon baya in ba a danne ƙafafunshi da buhun yashi ba, da damina kuwa dole a yi maganar rumfa tun farko. Sati ukku yake rufewa, saboda kujeru da rumfunan haya da janareta shi ma sai ya kama su wurin masu su da kuɗi, kuma in amarya ta zaɓi kalar da ba shi da ita sai ya sayo yadi da furanni.

Ragin nawa ya kamata in yi? Na ga wasu suna cewa kashi 20, wasu har 30.

Kafin ki bi su ki buɗe littafinki. A ce rigar amarya kina karɓar naira 40,000. Shafi da zare da zif da net da duwatsu sun ci 15,000, yarinyar da ta taya ki 8,000, man janareta da gawayin guga 3,000. Kin kashe 26,000, ribarki 14,000. In kika ce ragin kashi 20, naira 8,000 kika cire, kuma ba daga kuɗin duwatsu za ta fita ba don mai duwatsu bai yi maki ragi ba, daga cikin 14,000 ɗinki za ta fita, saura 6,000 a aikin yini huɗu. Kin ba da fiye da rabin ribarki a lokacin da ko ba ki yi ragi ba shagon zai cika. Tun da man fetur ya tashi a 2023 wannan lissafin ya ƙara tsauri ga duk mai tayar da janareta.

Ni abin da na yarda da shi, garaɓasa lada ce ta zuwa da wuri. Wadda ta kawo kaya sati shida kafin biki ta taimake ni, don zan ɗinka su a ranakun da keke ke zaune, ita ta cancanci wani abu. Kuma na fi son in ba da gyara a kan in taɓa farashi, in ce duk amaryar da ta kama gurbi kafin rana kaza zan ɗinka mata kala ɗaya na lefe kyauta, ko in yi wa mayafinta baki, ko rigar uwar amarya rabin kuɗi. Wannan rabin yini yake ci mani, amma a idon amarya abu ne da za ta riƙe ta nuna. Mai kwalliya ta ce ɗaurin kallabin uwar amarya kyauta, mai ado ya ƙara teburin kek ko fitilun ƙofar shiga, abin da yana da shi a ajiye. Wani amfanin kuma, farashinki bai faɗi ba, don in kika taɓa cewa 32,000 to har bayan salla za a riƙa zuwa ana cewa ai haka kika yi wa ɗiyar wance.

Mi zan rubuta a saƙon? In na ce a hanzarta ba wanda ke kula ni.

Ba za su kula ba, don "a hanzarta" da "gurbi kaɗan ya rage" kowa na faɗi, kunne ya saba. Saƙon da ke aiki yana da rana da sunanta, da yawan gurbi na gaskiya, da abin da ake kira kama gurbi, da abin da zai faru bayan ranar. Ga irin wanda nake sawa:

"Amaren Sha'aban, barkanmu da war haka. Amare huɗu kaɗai za mu ɗauka bana, biyu sun riga sun kama. Kayan amarya muna rufe karɓa ranar Lahadi 12 ga wata bayan Magariba, anko ranar Lahadi 19. Gurbi yana kamuwa ne in an kawo yadi, an yi awo, an biya rabin kuɗi. Wadda ta kama kafin ranar 5 za a ɗinka mata kala ɗaya na lefe kyauta. Bayan 12 ga wata sai aikin salla in Allah ya kai mu."

Ki lura na sa sunan ranar da lambarta, ke kuma ki ƙara da faɗin watan da kike nufi, na bature ko na Musulunci, don iyayenmu mata da yawa da Rajab da Sha'aban suke lissafi, 'yan mata kuma da kalandar waya, in kika ce 12 ga wata kawai a cikin saƙon murya za a iya samun saɓani. Sannan kada ki sa "in sha Allahu za mu duba" a ƙarshen maganar rufewa, duk mai karatu ya san ƙofa ce kika bari a buɗe.

Sau nawa zan maimaita, kuma a ina?

Status na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, don haka sanarwa sau ɗaya ba ta isa. Ni ina sa babbar sanarwa ranar farko, sai duk lokacin da gurbi ya kamu in sa hoton yadin da aka kawo in ce saura kaza, sai tuni saura sati, saura kwana ukku, da safiyar ranar. Ranar da na rufe kuma ina sa "mun rufe, mun gode", wannan ɗin yana da amfani sosai don shi ke sa a yarda da ke zagaye na gaba. In za ki yi broadcast, ki sani mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, kuma wadda ba ta ajiye lambarki a wayarta ba saƙon ba zai je mata ba, shi ya sa duk wadda ta zo shago nake cewa ta ajiye lambata a wayarta a gabana. Iyaye mata kuma saƙon murya ya fi shiga, gajere, da gaisuwa a farko, Hajiya ina wuni ya gida ya shirye-shirye, sannan magana. Hoton amarya kuwa kada ki sa sai da izininta, gidaje da yawa a garin nan ba su so, hoton rigar a rataye ya wadatar.

In na ce saura gurbi ɗaya alhali akwai huɗu, don mutane su motsa, laifi ne?

Ƙarya ce dai, kuma ciniki da ƙarya ba shi da albarka, wannan mun sani tun a islamiyya. Ban da haka Katsina ba ta da girman da za ki ɓuya. Ƙawayen amarya ɗaya su ne ƙawayen ta gaba, in kika gaya wa mutum huɗu kowace ita ce ta ƙarshe, a wurin sa lalle ɗaya za su haɗu su gane.

Ni abin da ya taɓa faruwa da ni ya ma fi wannan ciwo. Wata shekara kafin azumi na sa rana na rufe da amare huɗu, sai roƙo ya yi yawa na ce an ƙara kwana biyar, na karɓi ukku a kai. Ranar kamun ɗaya daga cikin waɗanda suka zo tun farko, wadda ta biya kuɗinta cas ba ta taɓa yi mani ƙorafi ba, La'asar ta yi rigarta tana kan tebur hannu ɗaya babu duwatsu, wuta babu, ina jera su da fitilar waya yarinya na riƙe mani, ƙanwar amaryar na tsaye bakin ƙofa da mai mashin yana jira, waya na ta ƙara uwar amarya ce. Da aka kai rigar an riga an fito da ita da wata atamfa daga cikin lefe. Hajiyar ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi "Allah ya kyauta, mun zo da wuri don kada a yi haka." Har yau maganar nan tana mani zafi, kuma ɗiyanta biyu da aka aurar bayan nan ba wurina aka kawo ɗinkinsu ba.

Kafin alƙalami nawa zan karɓa, kuma in an ce za a turo anjima fa?

Tela rabi, don ya ishe ki sayen kayan aiki ba ki taɓa uwar kuɗinki ba. Mai kwalliya ita ma rabi, cikon kafin ta buɗe akwati ranar biki, don bayan an gama fuska gida ya rikice ba za ki ga mai biyanki ba. Mai ado ya fi buƙatar mai yawa, kamar kashi biyu cikin ukku, tunda shi ma biya zai yi a waje. Alkawarin baki ba ya kama gurbi, ko na waye. Ina cewa "na riƙe maki zuwa gobe da Magariba", in lokacin ya wuce in tura saƙo ɗaya cikin ladabi cewa na saki. In taransifa aka yi kada hoton rasit ya ishe ki, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin sun zauna, alat na bogi yana yawo a lokacin cunkoso. Sai ki rubuta a littafi, suna, ranar kamu, kala nawa, an biya nawa, saura nawa, ranar gwaji, ki yanki ɗan ƙyallen yadin ki manna a gefen shafin, ki ɗauki hoton shafin ki tura mata.

'Yar uwa ko uwar ɗakina ta zo bayan na rufe, ya zan yi?

Nan ne yini shidan nan da suka rage a lissafi ke aiki, na ajiye su ne don irin Gwaggo da Inna da matar maƙwabci da ba a iya ce masu a'a. Amma ba na tallar su, kuma in sun ƙare sun ƙare. Abin da nake cewa shi ne, "Gwaggo ki yi mani aikin gafara, in na karɓa zan ba ki kunya ranar da jama'a suka taru, amma ga wance hannunta yana da kyau bari in kira maki ita yanzu." In kika haɗa ta da wata ba ta fita da fushi. Wanda ba dangi ba kuma ya nace, akwai kuɗin gaggawa, ni rabin kuɗin ɗinkin nake ƙarawa don yara za su kwana a kai a biya su, kuma ɗinki marar ado kaɗai, rigar amarya ba na karɓar ta da gaggawa ko nawa ne.

Anko ne ke kashe ni, ƙawaye ba su kawowa lokaci ɗaya.

Ki sa amarya ta ba ki mutum ɗaya, babbar ƙawa, ita za ta tara yadi da awo da kuɗi. Ɗinki kala biyu kawai za a zaɓa a ciki, in kowa ta turo nata hoton daga Instagram rabin yinin nan ya koma yini guda. Garaɓasar anko kuma ki ɗaura ta a kan cika, misali in mutum goma sha biyar suka kawo kafin ranar rufewa na babbar ƙawa kyauta ne, za ki ga ita da kanta tana bin su gida gida.

In aka ɗaga biki ko aka fasa, kafin alƙalamin fa?

Yana faruwa, rasuwa, rashin lafiya, ko kayan ɗaki ba su kammala ba. Ki faɗi ƙa'idarki tun ranar biya. Tawa ita ce in an ɗaga, kuɗin suna bin amarya zuwa sabuwar ranar in akwai gurbi. In an fasa kuma ban yanka ba, ina cire abin da na riga na saya in ba su kayan da sauran kuɗin. Mai kwalliya da mai ado su ne ke cutuwa, don sun kori wasu saboda ranar, shi ya sa ƙanwata ke cewa in an sanar da ita saura sati biyu tana mayar da duka, ƙasa da haka rabi. In rasuwa ce dai duk mukan sassauta, gidan da ke karɓar gaisuwa ba a zuwa masu da lissafi.

Muna so mu haɗa garaɓasa mu ukku, tela da mai kwalliya da mai ado, ya ake yi ba a ɓata ba?

Yana kawo aiki sosai, uwar amarya tana jin daɗin a ce wuri ɗaya ta gama. Amma ku zauna tukuna ku yarda da abu ukku. Ranar rufewar haɗin ta zama ta wanda ya fi buƙatar lokaci, wato tela, sati huɗu. Yawan gurbin ya zama na wanda ya fi ƙarancin hannu a ranar, in mai kwalliya amare biyu take iyawa ranar Asabar to kada a sayar da haɗi ukku na Asabar ɗin. Sannan kowa a biya shi a asusunshi, kowa ya faɗi gyaran da zai ba da daga nashi ɓangaren, don in mutum ɗaya ya riƙe kuɗin kowa, ranar da amarya ta ce ado bai yi mata ba za ta riƙe cikon tela da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mu abin da muke yi, kafin kowa ya ce wa amarya to, sai ya kira sauran biyun ya ce Asabar kaza a unguwa kaza, kamu bayan La'asar, kuna da wuri? In duka sun ce akwai, sai a tura mata lambobin asusu ukku da ranar gwaji.